Shaddata mai ruwan bula: in yi sitaci in goge, ko in kai bugu?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shadda mai ruwan bula, yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando. Sau biyu na sa ta, yanzu wuya ya yi dauɗa, ga ɗaurin auren ƙanena ran Asabar. Ban taɓa wanke ta ba. In wanke in sa sitaci in goge da kaina, ko in kai wa masu bugu? Tsorona sheƙin ya tafi.

Bello Arkilla: Wa alaikumus salam. Farar shadda ba ta da wuya, ka sa mata bula kaɗan cikin ruwan ɗauraya, shi ke nan.

Ɗan Mabera: Malam Bello, ba fara ba ce, mai duhu ce.

Baba Mai Guga: Yaro, kada ka wanke duka. Sawa biyu ba ta kai wanki ba. Sheƙin nan ba cikin zare yake ba, a masaƙa anka danne yadin da zafi har fuskarsa ta kwanta, ruwa da cuɗa su ka tashe shi. Jiƙa tsumma fari da ruwan sanyi, ɗan sabulun wanka, ka bi wuyan a hankali. Ka juya rigar ka goge ta ciki tana da ɗan danshi.

Maman Sadik: Ni dai sitaci ya ƙona ni. Sallar bara na kai shaddar maigida ruwan makuba gun wani mai wanki a unguwarmu, sabuwa fil. Ranar jajibiri anka kawo ta, na buɗe sai ga fari-fari ko'ina, kamar an watsa mata kunu. Gun aikin wuya kuwa zaren ya kwanta ya yi wani ƙyalli na ƙuna, shatar dutsen guga a fili. Na koma da ita, yac ce wai yadin ne jabu. Yadin da maigida ya tara kuɗinsa wata uku! Da tsohuwar riga ya tafi idi, bai yi mini faɗa ba, wannan shirun ya fi ci mini rai. Har yau tana ƙasan akwati, kyankyasai ma sun fara taɓa ta.

Baba Mai Guga: Ayya, sannu 'yata. Sitacin bai dahu ba, kuma bai tace ba. Sitacin rogo ana dama shi da ruwan sanyi tukuna, sannan a sheƙa tafasasshen ruwa ana motsawa har farin ya ɓace ya zama garai-garai. In har yana fari kamar madara, ɗanye ne, zai fito a jikin yadi. A sirka, a tace da ƙyalle, a juya riga kafin a tsoma, a shanya a inuwa. Mai duhu ma ni ƙaro nake jiƙa mata, ba ya barin fari. Fito da taki ki ɗauraye da ruwan ɗumi, farin zai fita. Ƙunar ce ba magani.

Maman Sadik: To Baba, zan gwada. Allah ya saka.

Abu Runjin Sambo: Duk wannan dogon zance ne. Kai bugu kawai. A yayyafa ruwa, a naɗe, a ɗora kan gungume a yi ta dukanta, sheƙi ya dawo ya fi na kanti. Dubu biyu na biya.

Bello Arkilla: Dubu biyu ina? Ni biyar anka karɓa.

Abu Runjin Sambo: Sun ga motarka ne, Alhaji!

Hajiya Gawon Nama: Bugu na dawo da sheƙi, gaskiya ne, amma yana cin yadi. Ta babana a kan layin ninki ta fara tsagewa. Kuma Baba Mai Guga ai ba zai ce a kai bugu ba, abincinsa ne guga.

Baba Mai Guga: Hajiya, ni da kaina nake aika riguna bugu in an wanke su. Ta yaron ga ce ba ta kai nan ba.

Ɗan Mabera: Baba, dutsena na gawayi ne, wutarmu kwana uku ba ta zo ba. Zai yi?

Abu Runjin Sambo: Gawayi a kan shaddar yadi goma? Tartsatsi ɗaya, ka tafi biki da taga a ƙirji.

Baba Mai Guga: Zai yi in ka bari garwashin ya ruru, hayaƙi ya ƙare, ka busa tokar, ka shimfiɗa farin ƙyalle tsakani. Gwada a ƙasan wando tukuna. In ka ji ƙauri ko ƙyallen ya yi ja, zafi ya yi yawa.

Hajiya Gawon Nama: Kwana uku ma kun ji daɗi. Mu sati guda ke nan, ga zafin Sakkwato, jiya kuma sunka kawo takardar kuɗin wuta.

Bello Arkilla: Nawa sunka rubuto muku? Mu har kuɗin gyaran taransifoma munka haɗa, gida-gida, har yau shiru.