Neman kalma: me za mu kira "inlayin rifilai" da Hausa?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Ni ke rubuta wa kawuna imel a shagonmu na Kantin Kwari, yanzu kuma an haɗa ni da yara biyu in koya musu. Watan jiya na aika wa ejan ɗinmu na Legas doguwar wasiƙa, tambaya biyar a dunƙule cikin sakin layi ɗaya, bayan gaisuwa da ban gajiya: yaushe kwantena za ta fito, nawa kuɗin ajiya ya kai, wace takarda ta rage, an sami mota, wa zai biya 'yan dako. Amsarsa layi ɗaya tak: "Mu za mu biya, Alhaji." Ta ƙarshe kaɗai ya kama. Sai da muka ci kwana uku kafin mu tatso sauran, kuɗin ajiya kuwa yana ta hawa. Tun daga nan nake sa wa tambayoyi lamba, in roƙi mutum ya amsa kowace a ƙarƙashinta. Wannan irin amsar ce Turawa ke cewa inlayin rifilai. Da na faɗa wa yaran, sai ɗaya ya ce layin mai ake shiga? Ku taimaka da Hausarta.

Na Sabon Gari: Ai an daɗe da gama wannan. Onlayin shi ne "a kan intanet". Ka ce musu amsar intanet kawai.

Ɗan Kwari: Ba onlayin ba yallaɓai, inlayin. Amsar da ake cusawa a tsakanin layukan mai tambaya.

Baban Ummi: "Amsa daki-daki". Kowa ya san ta, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Malamar Zoo Road: Wa alaikumus salam. Baban Ummi ya kusa, amma akwai saura. Mutum zai iya amsa maka daki-daki a saman wasiƙa, ya ce 1 kaza, 2 kaza, tambayoyinka na can ƙasa. Sai ka yi ta hawa da sauka a waya kana neman me ma ka tambaya a lamba 4. Daki-daki tsari take nunawa, ba ta nuna inda amsar ta zauna. Ni a ajinmu na koyon kwamfuta "amsar gindin tambaya" nake cewa, kamar yadda ake zama a gindin bishiya.

Amma Ɗan Kwari, aiki biyu ka haɗa. Amsa a gindi aikin mai karɓa ne, kuma ba zai iya ba sai kai mai aikawa ka bar masa gindin. Wasiƙarka ta farko ba wurin da zai sa ƙafa. Da ni ce, a gurbin Subject zan rubuta "Kwantenar shadda: tambaya 5, amsa kafin Alhamis". Gaisuwa layi biyu, ban ce a bar ta ba, mu Hausawa ne. Sai in faɗa masa tambaya biyar ce, ya amsa kowace a gindinta. Faɗin adadin nan shi ne maƙulli, don wanda ya amsa uku ya san da kansa ana binsa biyu. In ya dawo da amsa, ga yadda za ta fito:

```
> 1. Wace takarda ta rage daga wajenmu?
Rasit na biyan kwastan.

> 2. Nawa kuɗin ajiya ya kai zuwa yau?
Zan turo gobe da safe.
```

Alamar > tana nuna maganar mai tambaya ce. Ka lura na ɗauko takarda na sa ta farko, don ita ce ke riƙe da kwantenar. Tambayar 'yan dako da ta fi kowace sauƙi ita ka ajiye a ƙarshe, daidai inda idonsa ya tsaya, ya amsa ya ji ya sauke nauyi.

Ɗan Kwari: Wallahi haka aka yi Malama. To shi aikin mai aikawar me za a ce masa? Na yi tunanin "kasa tambaya", yadda ake kasa tumatir a kasuwar 'Yankaba, kowane kashi daban.

Baban Ummi: Ka rubuta "ya kasa tambaya" ka ga yadda za a karanta. Za a ce bai iya ba ne. A baki tsawon wasali zai raba su, a rubuce babu mai raba su.

Ɗan Kwari: Kash. Na janye.

Alaramma na Fagge: Ku yi haƙuri da tsoma baki, ni ba ma'abocin imel ba ne. Amma abin da Malama ta nuna mun saba da shi a zaure. Mai sharhi yakan kawo guntun matani, ya yi bayani a ƙarƙashinsa, ya sake kawo wani guntun. Me zai hana a ce "amsar sharhi"?

Malamar Zoo Road: Allah ya gafarta Malam, siffar iri ɗaya ce, har na ji daɗi. Tsorona kawai, in ka ce wa ejan ya yi sharhi, zai zubo maka labari, alhali "e" ko "a'a" ko adadi kake nema. Shi ya sa ma nake hana ɗalibaina tambaya irin "yaya maganar mota?" Amsarta "ana kai" ce. Ka ce: "An sami motar da za ta taso Kano? In e, wace rana?" Kuma lamba ɗaya, buƙata ɗaya. Da ka ga ka haɗa kuɗi da rana a lamba guda, to raba ta, don rabi zai amsa.

Maman Sadik: Ni abin ya taɓa ba ni kunya. Na amsa wa shugabar makarantarmu tambaya shida, duk a gindinsu, da jan rubutu. Washegari ta kira ni wai na turo mata saƙo babu komai. To ina amfanin?

Malamar Zoo Road: 'Yar'uwa, a cikin tsohon saƙon kika rubuta, ba ki sa komai a sama ba. Gmail yakan naɗe tsohon saƙo a bayan ɗigo uku, wanda bai taɓa su ba yana iya ganin fili fetal. Ki riƙa sa layi ɗaya a sama: "Amsoshina na ƙasa, a gindin kowace tambaya." Ko ki kwafo tambayoyin zuwa sama ki amsa a nan, wannan ya fi tabbas. Launi kuma kada ki dogara da shi, in manhajar mai karɓa zallar rubutu take nunawa, ja da baƙi duk ɗaya ne. Wata matsalar ita ce lambar da na'ura ke jerawa da kanta. Mai amsa ya danna Enter a ƙarshen ta 2, sai amsarsa ta zama 3, ta 3 ta koma 4, lissafi ya rikice. Shift+Enter na maganin wannan a kwamfuta, amma ejan da ke tsaye a tashar jirgin ruwa da waya a hannu ba zai yi ba. Ka bar layi fanko tsakanin tambayoyi, lambobin kuma ka buga su da hannu. In manhajar ta mayar da su jerinta, ka sa T1, T2.

Baban Ummi: Na yarda daki-daki ba ta isa ba, amma "gindi" a wasiƙar ofis? Ka rubuta wa darakta "amsa a gindi"? Yaran Ɗan Kwari ma dariya za su yi. Ni dai "amsa gaɓa-gaɓa", kamar rake. Mai aikawa ya yi gaɓoɓi, mai amsa ya bi su. Kalma ɗaya ta ɗauki aikin biyu.

Malamar Zoo Road: Ga mai aikawa na karɓa, "tambaya gaɓa-gaɓa" ta yi. Ga mai amsa har yanzu ba ta ce masa a ina zai rubuta ba.

Ɗan Kwari: Na gwada wa kawu duka bayan la'asar. Ya ce gaɓa-gaɓa ta fi daɗin faɗa, amma ta Malama ce yaro zai ji sau ɗaya ya aikata. Ga yara zan ce "gindin tambaya", a wasiƙar manya in rubuta "ƙarƙashin kowace tambaya". Ejan kuma yau ya amsa huɗu cikin biyar. Ta kuɗin ajiya ya tsallake, lambarta na nan zaune babu komai a ƙasa.

Na Sabon Gari: Wannan ba rashin gani ba ne. Kira shi a waya.