Rangwamen haraji ga makarantar ƙungiyar agaji: inda ake tuntuɓe

Masana sun yi ittifaƙi cewa rangwamen haraji ba ya hana makaranta karɓar kuɗin karatu ko samun rara. Sharaɗin shi ne rarar ta koma cikin aikin ilimi, kada ta shiga aljihun wanda ya kafa ta ko amintattu.

Nan ne aka fi faɗuwa. A ce ginin makarantar na shugaban amintattu ne, hayar irinsa miliyan 2 ce a shekara, amma makarantar tana biyansa miliyan 5. Hukumar haraji za ta ɗauki miliyan 3 ɗin a matsayin ribar da aka raba ta bayan fage. Shawarar da aka bayar ita ce a samo ƙiyasin haya a rubuce daga wanda ba shi da hannu, mai ginin ya fita daga zaman yanke shawara, a kuma rubuta hakan a bayanan taro.

Rahoton shekara kuwa wajibi ne ko babu harajin da za a biya. A Amurka, ƙungiyar da ta yi shekara 3 a jere ba ta miƙa takardar rahoton shekara ta Form 990 da ke kanta ba, rangwamenta ya faɗi kai tsaye. Harajin albashin malamai ma rangwamen bai shafe shi ba, dole a cire a miƙa.