Taƙaitawa: me ke cikin zanen layuka da QR?

Muhawararmu ta 'yan Abuja ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. An yarda cewa layukan jikin kwalin madara lamba kawai suke ɗauke da ita, galibi alƙaluma 13, waɗanda aka rubuta a ƙasansu. Babu farashi a ciki. Kwamfutar kanti ce ke duba lambar ta fito da suna da farashi, shi ya sa kwali iri ɗaya zai yi tsada a Maitama, ya yi sauƙi a Wuse. Alƙalamin ƙarshe na tantancewa ne: in na'ura ta karanta ba daidai ba, lissafin ba zai tashi ba, sai ta ƙi.

2. An rabu kan 615, wato alƙaluma uku da lambar wasu kaya ke farawa da su. Wasu sun ce alamar kayan Najeriya ce, wasu suka ce tana nuna inda kamfani ya yi rajista ne, ba inda aka ƙera ba. Na biyun ne da gaskiya.

3. QR kuwa, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake karantawa da kyamarar waya, rubutu yake ɗauka, yawanci adireshin intanet. Manyan murabba'ai uku na kusurwa ba bayani ba ne, suna nuna wa kyamara yadda zanen ya fuskanta. Ko ya ɗan goge yana karantuwa. Kowa na iya buga nasa ya manna kan na wani, don haka a karanta adireshin kafin a biya kuɗi.