Shin algaita tana da jar murya?

Bashiru, Garwa
Assalamu alaikum. Na rubuta waƙa a kan hawan Sallah, a cikinta na ce, "Algaita ta tashi da jar murya a ƙofar fada." Dattijon da yake duba mini rubutu ya soke layin, ya ce Bahaushe yana ɗanɗana sauti amma ba ya ganinsa, kuma shafa wa murya launi ɗabi'ar waƙar Faransanci ce da muka kwaso a lise, wato makarantar sakandare. Ni zuciyata ba ta kwanta da hukuncin ba, shi ya sa na kawo muku.

Sa'idu, Ngaundere
Wa alaikumus salam. Ina ganin girman dattijon, amma bai yi daidai ba. Tun muna yara muke jin ana cewa wane ya gaya wa wane baƙar magana, kuma kakanninmu da suke faɗin haka ba su taɓa zama a ajin Faransanci ba. Magana da kunne ake jinta, baƙi kuwa da ido ake ganinsa. Idan baƙar magana Hausa ce, ban ga abin da zai hana jar murya zama Hausa ba.

Hajiya Zuwaira, Marwa
Malam Sa'idu, ina tare da kai a wajen kare yaron nan, sai dai hujjar da ka kawo ba za ta ɗauke shi ba. Baƙin da ke cikin baƙar magana ba sautin maganar yake siffantawa ba, ma'anarta yake siffantawa. Ka gwada da kanka. Idan mutum ya gaya maka ita cikin raɗa, baƙa ce. Idan ya ɗaga murya, baƙa ce. Idan ma ya rubuta ta a takarda ya aiko maka ba tare da ya buɗe baki ba, ba ta sauya ba. Wannan baƙin ɗan uwan na baƙin ciki ne da baƙin jini, wato muni da ƙi, kuma kunne ba shi da hannu a ciki.

Ka kwatanta shi da zaƙin murya. A nan Marwa akwai baƙin da suke zuwa daga nesa ba su jin ko kalma ɗaya ta Fulatanci, amma idan mace ta rera waƙa a gidan biki za su ce maka muryarta tana da zaƙi. Ba su fahimci abin da ta faɗa ba, sautin kaɗai ya isa kunnensu, suka ɗauko kalmar harshe suka ɗora masa. Wannan shi ne ainihin abin da muke muhawara a kai. Idan ka rubuta kalmomin waƙar a takarda, zaƙin ya tafi, domin a cikin maƙogwaronta yake.

Malam Isiyaku, Kusiri
Hajiya ta sauƙaƙa mini aiki, domin abin da ta faɗa shi ne hujjar dattijon. Ku ƙirga abin da muke da shi. Muna cewa zazzaƙar murya, muna cewa karatun wane yana da garɗi, muna cewa tattausar murya da kakkausar murya da murya mai sanyi. Duk daga harshe ne ko daga fata. Ban taɓa jin tsoho ko tsohuwa sun ce koriyar murya ko shuɗin kiɗa ba. A balaga an koya mana cewa kowace kamantawa tana bukatar fuskar kama, abin da ya haɗa biyun, wanda mai sauraro zai gano da kansa. Tsakanin zuma da murya mai daɗi fuskar a bayyane take. Tsakanin algaita da ja, ɗana Bashiru, ina fuskar take?

Ramatu, Njamena
Ni a asibiti nake aiki, kuma ina so in ce abin da Bashiru ya rubuta yana faruwa da gaske. Akwai mutanen da idan suka ji wani sauti, ko suka ga wani harafi, launi yake zuwar musu ba da nufinsu ba. Ba ciwo ba ne kuma ba aljanu ba ne, haka ƙwaƙwalwarsu take haɗa abubuwan. Yadda ake gane na gaskiya shi ne a tambaye shi launin kowane harafi a rubuta, a bar shi watanni, a sake tambayarsa ba tare da an gargaɗe shi ba, sai a tarar amsarsa ba ta sauya ba. Ina da ƙawa da ta ce mini tun tana ƙarama ranar Talata ruwan ɗorawa ce a wurinta. Wataƙila haka Bashiru yake.

Bashiru, Garwa
Yaya Ramatu, na gode, amma ni ba na ganin komai idan ana busa. Na zaɓi kalmar ne domin na ji sautin yana da tsini da zafi, na rasa yadda zan faɗa.

Hajiya Zuwaira, Marwa
Amsar Bashiru ta raba mana abu biyu da ake yawan cuɗawa. Launin ƙawar Ramatu nata ne ita kaɗai, ba ta bukatar kowa ya yarda. Launin marubuci kuwa dole ya isa ga mai karatu da ba ya ganin komai, don haka tambayar Malam Isiyaku tana nan daram.

Ina so in faɗi dalilin da nake ganin ɗanɗano yana wucewa a harshenmu salin alin, launi kuwa yana cijewa. Kalmar ji ce. Da ita muke jin ƙara, da ita muke jin zaƙi, da ita muke jin ƙanshi da sanyi da zafi. Gani kaɗai ya ware da tasa kalmar. Saboda haka idan na ce na ji zaƙin muryarta, kalma ɗaya ta ɗauki kunne da harshe tare, mai sauraro bai ma lura an tsallaka daga wata gaɓa zuwa wata ba. Amma ba zan ce na ji ja ba, kuma ba zan ce na ga muryarta ba sai an juyo an dube ni. Dattijon ya ji wannan cijewar, kuma kunnensa bai yaudare shi ba. Inda na rabu da shi shi ne a hukunci. Abin da bai saba ba yana bukatar a shimfiɗa masa hanya, ba a kore shi ba, kuma aikin mawaƙi ke nan.

Layin Bashiru yana da matsala ta biyu. Launukanmu uku, fari da baƙi da ja, sun riga sun ɗauki kaya. Baƙar murya za a ji ta a matsayin muryar sharri. Ja yana tafiya da tsanani, kamar a jan aiki da jan hali, don haka mai karatu zai iya ɗaukar jar murya a matsayin murya mai ƙarfi, ya wuce bai ga launi ba. Ga kuma ja na janyewa. Allah ya taimake shi murya mace ce, domin da ya rubuta jan sauti, da rabinmu mun fahimci tsawaita sauti yake nufi.

Sa'idu, Ngaundere
Na karɓi gyara a kan baƙar magana. Amma zargin Faransanci har yanzu yana ci mini rai. Abin da aka koya mana a lise shi ne waƙar Rimbaud, mawaƙin Faransa, da aka buga a 1883, wadda ta ba wasula launi: A baƙi, E fari, I ja, U kore, O shuɗi. Na haddace ta don jarrabawa, amma ban taɓa jin dalilin da ya sa A ta zama baƙa ba. Layin Bashiru ba irin wannan ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ya san sautin yana huda kunne, kuma da za a tilasta masa ya zaɓa tsakanin ja da shuɗi, na tabbata ja zai ɗauka.

Hajiya Zuwaira, Marwa
To, bari mu gyara layin a gaban kowa. Bashiru ya ce tsini da zafi ya ji. Ina ne a rayuwarmu ja da zafi da tsini suke haɗuwa a abu ɗaya? A maƙera, lokacin da aka zaro ƙarfe daga wuta. Sannan ku tuna kamannin mai algaita: kumatunsa a cike, yana shaƙar iska ta hanci yana tura ta ta baki, har busar ba ta yankewa. Wannan aikin zugazugi ne. Sai mu ce:

*Kumatunsa zugazugi a ƙofar fada,*
*Algaita ta fid da murya ja wur.*

Abu biyu suka sauya. Zugazugi ya kai mai karatu maƙera kafin launin ya iso, don haka idan ja ya zo, ya tarar an tanadar masa wuri. Sannan wur ba ta bin kowace kalma sai ja na launi. Ba a cewa jan aiki wur, ba a cewa ya ja igiya wur. Da wannan ƙaramar kalma an rufe ƙofar tsanani da ta janyewa, an bar ido kaɗai. Kuma ban ambaci ƙarfe ko wuta ba da gangan, domin idan aka faɗi komai, mai karatu ba shi da sauran aiki.

Malam Isiyaku, Kusiri
Layin ya yi kyau, Hajiya, ba zan ɓoye ba. Amma ki dubi abin da kika yi. Kin kasa kai sautin ga ido kai tsaye, sai da kika bi da shi ta wuta, wuta kuwa da fata ake jinta. Abin da na ji a layin nan zafi ne, jan rakiya ya yi. Wannan ya ƙara tabbatar mini da maganar dattijon. Ku kawo mini launin da ba shi da zafi ba shi da sanyi, ya zauna a kan murya ba tare da fata ko harshe sun ɗauke shi ba, sannan in sallama.

Ramatu, Njamena
Malam, ni ba marubuciya ba ce, amma kakata da ta tsufa muryarta ta dushe, kuma idan na tuna ta, ruwan toka nake tunawa. Da wani zai rubuta cewa muryar tsohuwa ta koma ruwan toka, zan gane nan take.

Malam Isiyaku, Kusiri
Allah ya jiƙanta, 'yata. Sai dai toka ma ragowar wuta ce, busasshiya, mai sheƙewa a hannu. Kin ga fata ta sake shigowa.

Hajiya Zuwaira, Marwa
A nan Malam ya taɓo abin da ban gama warwarewa ba. Launukanmu da yawa sunayen abubuwa ne, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, kuma kowane yana shigowa da jikin abin gaba ɗaya. Idan na ce muryar maroƙi ruwan goro ce, ban isa in hana mai karatu jin ɗacin goro a bakinsa ba. Ni a wurina wannan arziki ne, domin kalma ɗaya ta taɓa ido da harshe. A wurin Malam kuwa shaida ce cewa launin bai tsaya da ƙafarsa ba. Na gwada shuɗi a kan sarewar makiyayi da yamma a bakin Binuwai, na juya shi ta kowace fuska, kuma duk lokacin da layin ya yi daɗi sai in tarar sanyin maraice ne ya ɗauke shi.

Bashiru, Garwa
Na gode, iyayena da yayyena. Zan kai wa dattijon layukan biyu, nawa na farko da wanda Hajiya ta gyara. Ba zan ba shi takarda ba, zan karanta masa da baki, sannan in tambaye shi abin da ya fara zuwa masa a kan wur, zafi ko launi. Malam Isiyaku, duk abin da ya faɗa zan kawo maka shi yadda ya faɗe shi.