Waƙafi kafin who: yaushe ake sa shi?

Assalamu alaikum malamai. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma wani abu a Turanci ya tsaya mini a wuya.

A aikin gida na rubuta: "My brother, who lives in Zaria, is a tailor." Malaminmu ya soke waƙafin biyu da jan biro, ya tambaye ni yayye maza nawa gare ni. Na ce uku. Ya ce to waƙafi bai da wuri, domin "who lives in Zaria" shi ke nuna wane yaya nake nufi cikin ukun. Da guda ɗaya ne, in ji shi, zaman Zariya ƙarin bayani ne kawai, sai a killace shi da waƙafi, ko an cire shi jimla ba ta rasa komai ba. Na gwada da "My mother, who sells groundnuts, is ill", na ga ya zauna daram, tunda uwa ɗaya ce.

Ga inda na maƙale. Mai duba takardar jarrabawa bai san gidanmu ba, ta yaya zai gane yawan yayyena? Idan a sakin layi na farko na riga na ambaci yayan nan da sunansa, a na biyu in sa waƙafi, tunda yanzu an san wanda nake nufi? Ko dai yawansu ne ke hukunci har ƙarshen rubutun?

Kuma haka dokar take da whom, whose da which? Don Allah a taimaka da misali.