Ummi za ta tafi Zariya: allurar taifot ko dai a kula da ruwa kawai?

Ummi: Salamu alaikum ƴan gida, saura sati uku in tafi Zariya kuma ban samu hostal ba, ɗaki za mu kama a waje ni da wata ƙawata. Mamanta ta ce sai mun yi allurar riga-kafin taifot, Kawu Sani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce in dai zan kula da abin da nake ci da sha. Wanne zan ɗauka don Allah?

Kawu Sani: Wa alaikumus salam. Ni har yanzu ina kan bakata. Taifot ba iska ce ke kawo shi ba ba sauro ba, ta baki yake shiga, ƙazantar bayan gida ce ke samun hanya ta shiga ruwa ko abinci. To in kin tsare bakinki ta ina zai bi? Shekara huɗu na yi a Samaru ban san wata allura ba, ki tafasa ruwanki ki wanke hannu da sabulu shikenan

Goggo Rabi: Subhanallahi Ummi ce ba lafiya?? A kai ta asibiti mana, allura ai sai likita ya rubuta

Ummi: Lafiyata ƙalau Goggo 😂 ta riga-kafi ake magana

Anti Hadiza: Yaya Sani abin da ka faɗa kan yadda ake ɗaukar cutar daidai ne, mutum kaɗai ƙwayar take kamawa kuma daga bayan gidansa take fita. Inda muka rabu shi ne wannan tsare bakin. Kai lissafa mana ranar ɗaliba guda ɗaya. Ta fita ƙarfe bakwai da gorar ruwanta da ta tafasa, madalla, sha biyu ya ƙare ga rana ga lakca har huɗu. Sai ta sayi zoɓo mai sanyi. Zoɓon an dafa shi ba matsala, amma da wane ruwa aka sirka shi, ƙanƙarar da aka jefa ciki da wane ruwa aka yi ta, robar da aka ɗura shi wa ya wanke? Sanyi baya kashe ƙwayar nan, a cikin ƙanƙara zama take yi abinta. Sannan ta ci shinkafa da wake, shinkafar da zafinta lafiya lau, sai mai abincin ta barbaɗa mata latas da tumatir ɗanye a kai wanda aka ɗauraye a baho ɗaya tun safe. Duk wannan ba a hannun Ummi yake ba komai tsaftarta

Kawu Sani: To sai ta ce kar a sa mata latas ɗin, baki gare ta

Anti Hadiza: Ta ce ɗin, kuma ina so ta riƙa cewa. Amma akwai wanda ba a gani, wasu bayan sun warke ƙwayar tana maƙalewa a matsarmamarsu su yi shekaru suna fitar da ita alhali garau suke ko ciwon kai babu, in irin wannan ne ke dama fura da hannu ba abin da za ki gani a fuskarsa

Yaya Bashir: Ni fa duk wannan ban yarda da shi ba, fiya wata kawai nake sha ko alwala ban cika yi da na rijiya ba, amma bana sau uku ana ce min ina da taifot. Abin a jini yake, in ya kama ka ya kama ka, ba allura ba tafasa ruwa

Anti Hadiza: Bashir wane gwaji aka yi maka

Yaya Bashir: Wanda ake yi mana, Widal, minti talatin an ba ka takarda, suka ce 1/160 ya hau sosai

Anti Hadiza: Na san za a rina. Wannan gwajin ba ƙwayar yake nemowa ba, alamar da jini ya ajiye ce ta cewa ya taɓa haɗuwa da ita ko da danginta, kuma a ƙasa irin tamu mutane da yawa masu lafiya in ka gwada su zai nuna, zazzaɓin cizon sauro ma yana iya ɗaga shi. Wanda ke tabbatarwa shi ne kalca, a zuba jininka a kwalba a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kuma an fi so a ɗiba kafin ka fara shan magani. Taifot na gaske ba ya barinka kana yawo a mashin, zazzaɓi ne da kullum yake ƙara hawa ya wuce sati, ga ciwon kai ga ciwon ciki, wani gudawa wani kuma bayan gidan ma ya ƙi fita, in aka yi sakaci wajen sati na uku hanji yana iya hujewa sai tiyata. Ina zargin maganin sifro ka yi ta sha a banza, kuma irin haka ne ke sa maganin ya daina aiki. A Pakistan tun 2016 suke fama da wani nau'i da ya gagari yawancin magungunan da aka saba, har suka fara yi wa yara riga-kafi gadan-gadan a 2019

Yaya Bashir: To ni dai da na sha na ji sauƙi

Abba: Yaya kai ko fanadol ka sha sauƙi kake ji 🤣

Ummi: Anti to in na yi allurar na huta kenan ko, zan sha kunun ayata hankali kwance

Kawu Sani: Kun ji ba! Abin da nake gudu kenan, a yi wa yarinya allura ta saki jiki

Anti Hadiza: A nan kam ina bayanka Yaya. Ummi baki huta ba. Tsohuwar allurar, irin su Typhim Vi, kariyarta tsakanin kashi 50 zuwa 80 ce cikin ɗari kuma tana raguwa, bayan shekara biyu zuwa uku sai an sake, wato kafin ki gama digiri za ki koma. Sabuwar, Typbar TCV, ta fi daɗewa a jiki, gwajin da aka yi wa yara a Nepal da Malawi ya ba da kusan kashi 80, in kin samu ita za ki zaɓa. Kowacce sai ta yi kamar sati biyu kafin ta fara aiki don haka in za ki yi wannan satin ne ba ana gobe tafiya ba, kuma a wurin da kika ga daga firji aka ciro ta. Sannan in ƙwayar da kika haɗiya ta yi yawa tana iya rinjayar allurar. Kuma taifot kaɗai ta sani, ba ruwanta da kwalara ko atini ko ciwon hanta na A, duk kuwa hanya ɗaya suke bi

Goggo Rabi: A ba ta alif ta tafi da shi, mu da shi muka tashi, ruwa ya kwanta tas kamar hawaye

Anti Hadiza: Goggo alif laka yake kwantarwa, a ido ruwan ya yi kyau amma ba a dogara da shi wajen kashe ƙwaya. Ta sa shi in ruwan ƴan garuwa ya zo da dauɗa, ta tsiyaye na sama, sannan ta tafasa ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur, ko ta sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa ta jira rabin awa. Kuma Ummi ki ji wannan da kyau, jarka mai ƙaramin baki da murfi za ki saya kina tsiyayowa. In kika juye a bokiti kowa na tsoma kofi da yatsunsa kin tafasa a banza

Kawu Sani: To ai maganata kika dawo Hadiza

Anti Hadiza: Rabinta. Ɗakinta naka ne, daga bakin ƙofa zuwa aji nawa ne

Kawu Sani: Ni dai butar lantarki da jarka suna wuyana, ta zo shago gobe ta karɓa. Kuɗin allura kuwa wanda ya kawo shawara shi zai biya

Abba: Butar lantarki kuma wuta fa Kawu, ka haɗa mata da risho

Ummi: Anti ni fa tsoron allura nake 😭 a hannu ake yi ko

Anti Hadiza: A dantse, guda ɗaya, zai ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Ki kira ni bayan isha'i