Neman kalma: zaman banza kala uku ne a boko, mu da Hausa me za mu kira su?

Sadiya: Salam jama'a, a taimaka min don Allah. Ina haɗa shirin rediyo kan rashin aikin yi, malamin da zan yi hira da shi ya turo min takarda ya ce abin kashi uku ne, firikshinal, sitirakcharal da saikilikal, kuma ni ba zan iya karanta wa mutanen karkara waɗannan a iska ba, za su kashe rediyon ne kawai. Na farkon na rubuta "rashin aiki na gogayya" tunda kalmar daga gugar abu da abu ta fito, amma ko ni da na rubuta bai zauna min ba.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Malama Sadiya. Cire gogayyar nan tukuna, Bahaushe in ya ji gogayya gasa zai ɗauka, kamar 'yan kasuwa biyu suna gogayya a layi ɗaya. Abin da ake nufi mai sauƙi ne: aikin yana nan, mai iya aikin ma yana nan, ba su dai haɗu ba tukuna. Ɗauki tela da ya saɓa da maigidansa ya bar shago, akwai wani shago can wata unguwa da keke a ajiye babu mai hawa, amma kafin labari ya kai masa, ya je a gwada ɗinkinsa, a daidaita ko kashi nawa za a riƙa ba shi, an yi sati uku ko wata yana gida. Wannan zaman shi ne na farko. Ko ƙasa tana cikin wadata ba ya ƙarewa, don kullum akwai mai barin wuri da mai shigowa sabo. Ni zan ce "zaman tsakanin aiki da aiki".

Ummi: Zaman jira mana Malam, ya fi gajarta. Ni yanzu haka a ciki nake, na gama bautar ƙasa ina ta tura takardu shekara ta uku kenan

Malam Habu: Allah ya kawo mai albarka Ummi, amma shekara uku ta wuce tsakani gaskiya. Naki sai an duba, in guraben abin da kika karanta babu su kwata-kwata a inda kike to kin faɗa kashi na biyu. Kuma matsalar "zaman jira" kenan, duk ukun jira suke yi, kalmar ba ta raba su ba. Mai kashi na farko ma wani lokaci shi ke ƙin aikin da aka ba shi don yana sa ran wanda ya fi, lalube yake yi da zaɓe.

Sadiya: To "zaman lalube" fa? Ko "rashin aiki na lalube"

Ɗan Maraɗi: Lalube ya yi. Mu nan Nijar duka shomaji muke cewa da Faransanci mu huta. Amma na ukun nan ai ba sai an wahala ba, saikilikal abu ne mai zagayowa ko? To cin rani kenan, da an gama girbi gona ba aiki, samari su kama hanyar Kano ko Abuja ko Agadas, damina ta faɗi su dawo, bana haka baɗi haka. Ku sa "zaman rani" a wuce wurin.

Malam Habu: A'a ɗan uwa, ka kawo na huɗu ne wanda malamin bai sa a takardarsa ba, shi ma yana da sunansa daban a boko, na yanayin shekara, kuma zaman rani ya dace da shi sosai, Malama ki ajiye shi. Bambancin shi ne rani kowa ya san watan da zai zo da watan da zai tafi. Zagayen da ake nufi a nan na tattalin arzikin ƙasa ne gaba ɗaya, ya hau ya sauka, ba shi da kalanda. Ku tuna 2016. Gangar ɗanyen mai da take sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kuɗin da ake rabawa jihohi ya ragu, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, kwangiloli suka tsaya. Yanzu bi layin: ma'aikaci bai samu albashi ba ya tsayar da ginin da yake yi, birkila ya zauna, leburori suka zauna, mai buga bulo ya sallami yara biyu cikin biyar, mai tifa ya ajiye mota, matar da take kawo shinkafa da wake wurin ginin ta rage tukunya, ita ma ta fasa ɗinkin sallah, tela ya ji a jikinsa. Babu wanda ya manta sana'arsa a cikinsu, birkilan nan cokalinsa da igiyarsa suna nan, masu sayen ne babu kuɗi a hannunsu. Alamarsa kenan, yana kama sana'o'i da yawa lokaci guda, kuma in kuɗi ya dawo yawo aikin da aka bari shi ake komawa.

Anti Rabi: Mu a kasuwa cewa muke kasuwa ta mutu

Sadiya: "Rashin aiki na mutuwar kasuwa" kenan?

Anti Rabi: Ko kwantawa. Don in kika ce mutuwa wani zai ce ai ba ta dawowa, ko da yake mu muna faɗa yau ta mutu gobe ta tashi, ba ma jin komai. Amma a rediyo na fi son kwanciyar kasuwa, abin da ya kwanta ana sa ran tashinsa. Lokacin korona a 2020 haka muka gani, yaran shago aka sallama, da aka buɗe gari aka kira su.

Injiniya Bala: Ni dai ban ga amfanin duk wannan rabe-raben ba, yunwa ɗaya ce. Kuma alƙaluman ma wasa ne, hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce marasa aikin yi kashi 33.3 cikin ɗari ne a ƙarshen 2020, sai ga shi a 2023 ta ce kashi 4.1, ina mutanen suka tafi?

Malam Habu: Wannan canjin ma'auni ne Injiniya, sabon tsarin duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a sati ana ƙirga shi mai aiki, magana ce ta wata rana. Amma rabe-raben yana da amfani don maganin kowanne daban. Na lalube labari yake buƙata, a san ina gurbi yake. Na kwanciyar kasuwa kuɗi yake buƙata su zagaya, a biya albashi a ci gaba da kwangila. Ka ɗauki birkilan 2016 ka kai shi koyon gyaran waya ka ɓata masa lokaci ne, shi gini yake jira. Na biyun kuwa ko an zuba kuɗi a gari ba zai tashi ba.

Baba Kakuri: To na biyun nan ku bar ni na yi magana don a kaina ya faɗa. Na yi aiki a wata masaƙa a Kaduna, ɓangaren saƙa, ni ke kula da injina layi guda, in zare ya tsinke daga ƙarar injin kaɗai ina ganewa kafin fitila ta kama, in ɗaura shi ba tare da an ga tabo a yadi ba. Da aka rufe muka ce wata biyu ne za a kira mu, muka riƙa zuwa bakin ƙofa da safe muna zama. Bayan nan kuɗi ya zo ƙasar nan, mai ya yi tsada, ana ta gine-gine, kamfanonin waya suna ta ɗaukar yara, amma ba wanda yake neman mai ɗaura zare. Atamfa kuma ba a daina sawa ba, kullum ana saye, daga waje dai take shigowa da araha, ga wuta babu, ga baƙin mai da muke kunna tukunyar tururi da shi ya yi wuya. Wasu cikinmu suka koma acaɓa da furfurarsu, wasu gadi, wasu suka koma ƙauye. Ni abin da zan kira shi "mutuwar sana'a".

Malam Habu: Allah ya saka da alheri Baba, babu littafin da zai faɗa fiye da haka. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ita ma a Kaduna ta rufe a 2007, kuma ku lura shekarun nan ba na karayar arziki ba ne, lokacin ma kuɗin mai na shigowa sosai. Nan ake gane shi, kasuwa a tashe take amma mutum yana zaune, har ana cigiyar ma'aikata a gefe guda, sai dai ba irin hannunsa ake nema ba. Haka masu lema da tebur da ake biya a buga waya bayan zuwan salula a 2001, da kowa ya mallaki tasa aka nemi sana'ar aka rasa. Sai dai Baba ina da ja kaɗan a kan "mutuwar sana'a", don wani lokaci sana'ar tana raye, wuri ta canza, aikin yana Legas mutumin yana Gusau da iyali ba halin tashi. Ko irin na Ummi, takarda a hannu amma ba ita ake nema ba, ita ba ta ma fara sana'ar ba balle ta mutu. Shi ya sa na fi karkata ga "rashin dacewa", wato hannun mutum bai dace da aikin da ke akwai ba.

Anti Rabi: Haba Malam, rashin dacewa ai rashin sa'a ne a kunnen mutane, ka ce wane bai dace ba, ko kuma abin da bai kamata ba. Za a ce kana zagin mutum.

Ummi: "Sauyin zamani" fa? rashin aiki na sauyin zamani

Injiniya Bala: To 'yan acaɓan Kano da aka hana ɗaukar fasinja a 2013 zamani ne ya sauya ko doka aka kafa? Rana ɗaya aka wayi gari. Wanne ne su a ciki?

Malam Habu: Wanda ya samu adaidaita cikin wata biyu lalube ya yi. Wanda ba shi da kuɗin ajiya ba shi da mai tsaya masa ya zauna shekara, shi na biyu ne, ko da doka ce ta jawo. Kuma haka kwanciyar kasuwa in ta daɗe take rikiɗa, shago ya rufe a sayar da kekuna, yaro ya manta hannu, ranar da kasuwa ta tashi babu inda zai koma. Sauyin zamani ya ɗan yi faɗi, amma ya fi nawa shiga kunne, na yarda.

Baba Kakuri: Ni ban yarda zamani ba ne. A Indiya da Sin ba a zamani ɗaya muke da su ba? Suna saƙa har gobe. In kuka ce zamani kun wanke waɗanda suka bari wuta ta lalace aka cika kasuwa da kayan fasa-ƙwauri, kamar daga sama abin ya sauko.

Sadiya: To na riƙe zaman lalube, da rashin aiki na kwanciyar kasuwa, da zaman rani a matsayin ƙari. Na tsakiyan zan faɗi biyun duka a iska, mutuwar sana'a da sauyin zamani, in buɗe layi masu sauraro su zaɓa. Baba in ba damuwa zan so ka shigo shirin ta waya.

Ɗan Maraɗi: Ki tambayi malamin kuma, wanda ya tafi cin rani ya tarar kasuwar birnin ma ta kwanta, a wane layi zai rubuta shi